Milimita Uku da Ke Gyara ko Ɓata Takardar Bayanin Asibiti

A kan teburin karɓar baƙi na ƙananan asibitoci akan tarar da wata siririyar takarda, tsawonta bai wuce na ambulan ba, ɗauke da sunan asibitin da ayyukansa da lambar waya. Fallen takarda ɗaya ne girman A4, an ninke shi sau biyu ya koma gida uku, gaba da baya ya ba da shafi shida. Ganin sauƙinta ya sa masu asibiti da yawa ke miƙa aikin ga duk yaron da ya iya kwamfuta. Sai an ɗebo kwali daga maɗaba'a ake gane cewa bangon gaba ya koma baya, ko kuma karin ninki ya ratsa ta tsakiyar lambar wayar da ake so mai naƙuda ta kira da tsakar dare.

Akasarin irin wannan ɓarna daga wuri ɗaya take tasowa. Mai tsarawa yana kallon shimfiɗaɗɗiyar takarda a fuskar kwamfuta, mai karatu kuwa ninkakkiya zai riƙa a hannu, yana buɗe ta shafi bayan shafi. Shi ya sa ƙwararru ba sa taɓa kwamfuta sai sun fara da farar takarda da biro.

Ga yadda suke yi. A ɗauki fallen A4 a kwantar da shi ta faɗi. A ninko kashi ɗaya cikin uku na dama zuwa ciki, sannan a ninko na hagu ya rufe shi. A kan shafin da ke sama a rubuta 1, shi ne bango. A buɗe bangon kamar yadda ake buɗe littafi: abin da ya bayyana a hagu a sa masa 2, wanda ke dama, wato harshen da aka fara ninkewa ciki, a sa masa 3. A buɗe harshen, shafin tsakiya ya zama 4, na ƙarshen dama ya zama 5. A rufe, a juya baya, a rubuta 6. Yanzu a warware takardar gaba ɗaya a duba.

Fuskar ciki ba ta da wuya: 2, 4, 5 daga hagu zuwa dama. Fuskar waje ce ke rikita mutane, domin za a ga 3 a hagu, 6 a tsakiya, 1 a dama. Bango, wanda shi ido ke fara gani, a ƙarshen dama yake zaune. Duk wanda ya bi al'adar rubutun boko ya ɗora bango a hagu, to idan aka ninke, bangonsa ne zai shige ciki ya ɓuya, wani shafin daban ya fito gaba.

A ɗauki misalin ƙaramin asibitin unguwa da ke awon ciki da karɓar haihuwa da rigakafin yara, yana so ya buga takardar da za a riƙa ba mata ranar awo. Me ya kamata ya zauna a ina?

Bango aikinsa ɗaya ne, ya sa a ɗauka. Sunan asibiti, abin da takardar ta ƙunsa a kalmomi kaɗan, misali "Awon ciki da rigakafin yara", da hoto ɗaya. Waɗannan kalmomi su hau can sama, domin idan aka jera takardu a ma'ajin da ke kan tebur ko jikin bango, rabin ƙasa a ɓoye yake, kai kawai ke leƙowa. Asibitin da ya cika saman bango da tambari ya tura sunan aiki ƙasa ya yi asarar wurin da ya fi kowane daraja.

Shafi na 3, harshen nan, shi ne wanda aka fi wulaƙantawa, alhali yana cikin abin da ido ke faɗa wa da zarar an ɗaga bango. Masu tsarawa da yawa kan jefa masa tarihin asibiti ko saƙon shugaba, abin da ba mai karantawa. A takardar masu ciki, nan ne gurbin alamomin haɗari: zubar jini, ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, jijjiga, zazzaɓi, kumburin fuska da hannu, ko jin ɗan ciki ya rage motsi. A ƙarƙashinsu a rubuta umarni ɗaya, a zo asibiti nan take, sai lambar waya da manyan lambobi. Dole abin da ke wannan shafi ya tsaya da ƙafarsa, ba ya jiran ci gaba daga wani wuri, domin da an buɗe harshen ya juya baya ya ɓace wa ido.

Akwai wani abin lura da ke fitowa daga gwajin farar takardar nan. Shafi na 2 yana da maƙwabta iri biyu. A buɗewar farko yana gefen harshe, a buɗewa ta biyu yana gefen shafi na 4. Don haka jimlar da aka fara a ƙasan shafi na 2 kada a ce za a ƙarasa ta a saman na 4, saboda mai karatu zai tsallaka ne zuwa na 3 ya tarar da maganar jijjiga a tsakiyar maganar kuɗin kati. Kowane shafi ya fara da kansa, ya ƙare da kansa.

Cikin gida, wato 2 da 4 da 5, nan ake baje bayani. A misalin wannan asibiti, shafi na 2 ya ɗauki awon ciki: ranakun awo, abin da za a zo da shi, da abin da ake dubawa. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau takwas kafin haihuwa, kuma layi ɗaya ya isa a faɗi haka. Shafi na 4 ya ɗauki shirin haihuwa. Na 5 ya ɗauki jadawalin rigakafi: ranar haihuwa, mako 6, mako 10, mako 14, wata 9, da sauran abin da katin rigakafi na hukuma ya tanada. Baya kuwa, shafi na 6, na adireshi ne da lokutan buɗewa da kwatance. A garuruwan da lambar gida ba ta kai mutum ko'ina, kwatance da masallaci ko gidan mai ko mahaɗar titi ya fi taswira mai ƙyalli amfani. Lambar waya ta sake fitowa a nan, domin takarda kan kwanta a kife, kuma baya ne ake gani ba tare da an buɗe komai ba.

Wani gargaɗi a gefe ga likitoci: ƙa'idojin aikin likita a Najeriya sun taƙaita tallan kai, don haka takardar ta tsaya ga bayani, a bar kirarin "mun fi kowa" da alƙawarin warkarwa. Hoton majinyaci kuma ba ya hawa sai da yardarsa a rubuce.

Lissafin milimita

Faɗin A4 a kwance milimita 297 ne, tsayinsa 210. Raba 297 gida uku ya ba da 99 cif, kuma nan ne tarko na biyu. Idan shafukan uku suka zo daidai wa daida, harshen da ke shigewa ciki zai tokare karin ninki na biyu, saboda takarda tana da kauri kuma kari yana cin wuri. Sakamakon shi ne takarda ta ƙi kwanciya, ta yi tozo, ko bakin harshen ya nannaɗe. Maganin da masu ɗab'i suka saba da shi shi ne a rage wa harshe milimita biyu zuwa uku. Rabon da aka fi amfani da shi: 100, 100, 97.

Tun da harshe a hagu yake a fuskar waje, a dama kuma a fuskar ciki, layukan ninki ba a wuri ɗaya suke ba a fuskokin biyu. Idan aka auna daga gefen hagu na takarda:

```
Waje:  97 | 100 | 100   (97 mm, 197 mm)
Ciki: 100 | 100 |  97   (100 mm, 200 mm)
```

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mai tsarawa ya ja layukan jagora a 100 da 200 a fuskar ciki, ya kwafi shafin ya yi fuskar waje a kansa. A allon kwamfuta komai zai yi kyau. A hannu kuwa, kari zai faɗo a 197 alhali koren launin bango ya fara ne daga 200, sai a ga wani farin zare mai faɗin milimita uku ya bi gefen hagu na bango daga sama har ƙasa. Haka a harshe: rubutun da aka bar wa tazarar milimita biyar daga layin 100 ya tsaya a 95, ainihin karin kuma yana 97, saura milimita biyu kacal tsakaninsu. Injin ninki ya ɗan goce kaɗan, ƙarshen kowane layi ya shige cikin kari. Duk mai asibitin da ya ga wannan zare a samfurin da aka kawo masa, ya san inda matsalar take tun kafin ya tambaya.

Wannan lissafi na ninkin da ke naɗewa ciki ne kawai. Akwai wani ninki mai siffar harafin Z, inda shafi ɗaya ke zuwa gaba ɗaya kuma baya. A can ba abin da ke shigewa cikin wani, don haka 99 uku ne daidai, kuma jerin shafuka ya sha bamban. Shi ya sa ake fara tambayar mai ɗab'i irin ninkin da zai yi da awon da injinsa ke so, domin wasu kan nemi 99.5, 99.5, 98 ko makamancin haka.

Nisan rubutu daga kari da baki

Ba injin da ke yanka ko ninke dubban takardu a wuri ɗaya tak. Gocewar milimita ɗaya abu ne na yau da kullum, kuma idan hannu ne zai ninke, kamar yadda ake yi a ƙananan wuraren buga takardu, gocewar ta fi haka. Saboda haka ake barin fili tsakanin rubutu da kowane kari, da kuma tsakanin rubutu da bakin takarda. Milimita biyar shi ne mafi ƙaranci. A shafi mai 100, rubutu ya samu 90, a harshe ya samu 87. Idan an san ninkin hannu ne, bakwai ko takwas sun fi kwanciyar rai.

A lura cewa tazarar ta kowane gefen kari ce. Tsakanin rubutun shafi na 2 da na 4 ke nan akwai milimita goma, biyar a hagun kari, biyar a damansa. Masu aiki da Word sukan faɗa wannan rami: su bar gefen takarda milimita goma, su bar tsakanin ginshiƙai milimita goma, sai rubutun ya kasa zama a tsakiyar shafinsa. Ƙa'idar ita ce tazarar tsakanin ginshiƙai ta ninka ta gefe sau biyu. Gefe goma, tsakani ashirin.

Hoto ko launi zai iya ƙetare kari a fuskar ciki, inda ake ganin shafuka uku a buɗe. Amma fuskar mutum kada ta faɗa kan kari, haka lambar waya, haka adadin magani, haka layin jadawali. Dalilin ya wuce kyan gani. Takardar asibiti tana zama a jaka ko a cikin katin awo wata da watanni, ana buɗewa ana rufewa, kuma kari ne wurin da tawada ke fara gogewa. Lamba 8 da kari ya ci gefenta tana iya komawa 3. Jadawalin rigakafi da aka shimfiɗa a kan shafi biyu don ya yi faɗi yakan rasa ginshiƙin tsakiya ta wannan hanya, gara a tsayar da shi a tsaye cikin shafi ɗaya.

Sai maganar launin da ya kai har bakin takarda. Maɗaba'a ba ta bugawa a kan A4 kai tsaye, tana bugawa ne a babban falle sannan ta yanke. Idan launin ya tsaya daidai kan layin yanka, wuƙa ta goce rabin milimita waje, farin layi zai fito a baki. Don haka ake tura launi da hoto su zarce layin yanka da milimita uku ta kowane gefe, abin da manhajoji ke nunawa da sunan `Bleed`. Fayil ɗin gaba ɗaya ya zama 303 da 216. Wanda ya buɗe shafinsa a wannan girman kai tsaye, to ya ƙara uku a kan kowane layin ninki: waje 100 da 200, ciki 103 da 203. Nan ma akan ruɗe, don 100 da 200 ɗin sun yi kama da na fuskar ciki a lissafin farko.

Takarda ma tana da nata hali. Mai nauyin giram 130 zuwa 150 tana ninkuwa lafiya kuma rubutun baya ba ya leƙowa. Daga wajen 170 zuwa sama sai an fara danna mata kari da inji kafin a ninke, in ba haka ba fatar saman ta tsage. Zaren takarda kuma yana kwance ne ta fuska ɗaya, kamar itacen da ke faskaruwa cikin sauƙi ta tsawonsa ya ƙi ta gicciye. Ninkin da ya bi zaren yana fita sumul, wanda ya gicciye shi yana fashewa. Fashewar ta fi bayyana a kan launi mai duhu, inda farin cikin takarda ke fitowa kamar zane. Asibitin da ke son shuɗi mai duhu a bango da baya duka, ya tambayi mai ɗab'i ko zai danna kari, ko kuma ya haƙura da launi mai haske a wurin ninkin. Kuma idan nas za ta riƙa rubuta ranar dawowa a bayan takardar, mai sheƙi ba ta dace ba, biro na zamewa a kanta.

Haruffan da ke ɓacewa

Takardar da aka rubuta da Hausa tana da wata matsala tata. Yawancin salon haruffan ado ba su da ɓ da ɗ da ƙ, balle ƴ da ake rubutawa a Nijar. Idan babu, manhaja kan aro harafin daga wani salo, ya fito ƙato ko siriri a tsakiyar kalma, ko ya zama akwatin banza. Wani lokaci a kwamfutar mai tsarawa lafiya lau, sai an buɗe fayil a maɗaba'a inda babu salon, haruffan su canza, layuka su ƙara tsawo, rubutun da ke da tazara ya zarce kan kari. Salo irin su Andika da Charis SIL da Noto Sans suna ɗauke da waɗannan haruffa. Kafin a aika, a fitar da aikin a PDF, ko a CorelDRAW, wanda shi ne abokin aikin yawancin masu ɗab'i a Najeriya, a mai da rubutu zane da `Convert to Curves`, bayan an ajiye wani kwafi da za a iya gyarawa.

Girman rubutu kada ya gaza 11, kuma 12 ya fi ga takardar da tsofaffi ko masu ƙarancin karatu za su riƙa. Idan bayani ya ƙi shiga, bayanin za a rage. Matse haruffa da cinye tazarar kari ba ya ƙara wa kowa fahimta.

Asibitin da ya ga dacewar buga wani kashi da ajami, ya sani cewa komai zai juya. Littafin ajami ta ɗaya gefen ake buɗe shi, don haka a fuskar waje bango ya koma hagu, harshe ya koma dama, a ciki kuma karatu ya taso daga dama. A sake ninka farar takarda daga farko, kada a zuba ajami a gurbin boko.

Ba kowane asibiti ke zuwa maɗaba'a ba. Wani kwafi hamsin yake so, a firintar ofis. A nan abubuwa uku ke ɓata aiki. Yawancin samfuran da ke zuwa da manhajoji an gina su ne a kan takardar Amurka mai suna `Letter`, faɗinta kusan milimita 279, ta gaza A4 da kusan 18, don haka layukan ninkinta ba za su taɓa dacewa ba. A duba girman shafi tun farko. Na biyu, zaɓin `Fit to page` yana ƙanƙantar da aikin kaɗan ya ja shi tsakiya, layukan ninki su bar wurinsu. A zaɓi `Actual size`. Na uku, wajen buga gaba da baya, takardar da ke kwance tana buƙatar `Flip on short edge`, in ba haka ba ciki ya fito ƙafa a sama. Firintar ofis kuma ba ta kai tawada har baki, tana barin 'yan milimita fari, don haka tsari mai farin gefe shi ya dace da ita.

Hoton bango da zai cika shafi yana buƙatar ɗigo 300 a kowane inci, wato kusan 1,200 a faɗi da 2,550 a tsayi. Hoton da ya bi ta WhatsApp a matsayin hoto an riga an matse shi, a waya zai yi kyau, a takarda ya fito dishi-dishi. A tura shi a matsayin fayil.

Matakin ƙarshe na mai asibiti ne, ba na mai kwamfuta ba. Kada ya amince da hoton da aka turo masa a waya. Ya nemi kwafi ɗaya da aka buga gaba da baya, aka yanke, aka ninke, a kan irin takardar da za a yi aikin da ita. Ya ɗaga ta ga haske ya ga ko layukan ninkin fuskokin biyu sun haɗu. Ya sa rula ya auna daga kari zuwa harafi mafi kusa. Ya kira lambar wayar da ke jiki yana karanta ta daga takardar, ba daga ka ba. Ya ba ungozoma ta duba alamomin haɗari da jadawalin rigakafi, sannan ya miƙa wa wata mai zuwa awo da ba ta taɓa ganin takardar ba, ya ce ta nemo masa ranar awo da lambar da za ta kira idan ta ga jini. In ta juya takardar fiye da sau biyu tana nema, a koma a gyara jerin shafuka. Sai bayan haka ya sa hannu a kan samfurin, da kwanan wata, ya ba da izinin a buga sauran.